Hular da Mephisto Ke Yarwa: Yadda Ake Raba Ganima a Wasannin Yaƙi na Kwamfuta

A can ƙarƙashin wani rusasshen wurin bauta, a hawa na uku na kurkukun da ake kira Durance of Hate, akwai wani dodo mai suna Mephisto wanda 'yan wasan Diablo II suke kashewa dare da rana tun shekarar 2000. Labarin wasan bai buƙaci a kashe shi fiye da sau ɗaya a kowane matakin wahala ba. Amma ɗan wasa zai kashe shi, ya dubi abin da ya zube a ƙasa, ya fita, ya buɗe sabon zagaye, ya sake komawa kansa. Wanda ya gwanance yakan gama zagaye guda cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka, kuma akwai masu maimaita wannan sau ɗaruruwa a zama guda.

Abin da ke mayar da su shi ne ganima. A irin waɗannan wasanni, mutum yana sarrafa jarumi guda ne da ke kutsawa cikin rundunar dodanni. Duk dodon da ya faɗi yana iya yar da kuɗi, ko maganin rauni, ko takobi, ko sulke, ko zobe, ko kuma ya mutu bai bar komai ba. Ƙarfin jarumi ya dogara ƙwarai da abin da ya sa a jikinsa, don haka hula guda tana iya bambanta wanda ake kora da wanda ke kora. A wajen Mephisto, hular da aka fi nema ita ce Harlequin Crest. Tana ƙara mataki biyu a kan dukkan dabarun yaƙin jarumi, tana ƙara masa rai, tana rage masa kashi 10 cikin 100 na zafin sara da duka, sannan tana ƙara masa sa'ar samun wasu kayan.

Mai kallo daga gefe zai ɗauka sa'a ce zalla. Sa'ar tana nan, amma tana bin tsari. Tsakanin faɗuwar dodo da bayyanar kaya a ƙasa, kwamfuta tana jefa ƙuri'a sau da yawa, ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace ƙuri'a tana da jadawalinta. Diablo II ya fi sauran wasanni daɗin misali, domin jadawalansa suna cikin fayilolin wasan, kuma masu sha'awa sun daɗe da buɗe su suna nazari.

Launin suna

Kafin mutum ya ɗauki kaya, launin sunansa yake fara gani. Wasan Diablo na farko, wanda kamfanin Blizzard North na jihar Kalifoniya ya yi a ƙarƙashin David Brevik da 'yan'uwa biyu Erich da Max Schaefer, ya shiga kasuwa a farkon 1997 da launi uku: fari, shuɗi da ruwan zinariya. Dabarar fitar da kaya ta hanyar ƙuri'a kuwa ta girme shi, domin tsofaffin wasanni irin su Moria da Angband sun riga sun yi ta. Diablo II ya faɗaɗa launukan.

Farin suna na kaya ne tsurarsa, takobi ko garkuwa marar wani sihiri. Shuɗi, wanda wasan ke kira Magic, yana ɗauke da ƙarin siffa ɗaya ko biyu: ɗaya a gaban sunan, ɗaya a bayansa. Ruwan ɗorawa, wato Rare, yana iya ɗaukar siffofi har shida, uku daga rukunin gaba, uku daga rukunin baya, kuma duk ƙuri'a ce ke zaɓo su. Kore, wato Set, yanki ne na wata cikakkiyar shiga, wadda ƙarfinta ke ƙaruwa idan mutum ya haɗa guda biyu ko uku ko dukkanta. Ruwan zinariya, wato Unique, shi ne kayan da masu wasan suka zauna suka tsara da hannu, suka ba shi suna da siffofin da ba sa sauyawa. Harlequin Crest tana cikin wannan rukuni.

Wasannin da suka biyo baya sun ɗauki dabarar, kowa ya yi mata nasa gyaran. World of Warcraft na 2004 ya jera nasa daga ruwan toka, fari, kore, shuɗi, shunayya zuwa ruwan lemo, kuma Borderlands na 2009 ya bi kusan wannan jeri. Path of Exile na kamfanin Grinding Gear Games da ke New Zealand, wanda ya fito a 2013, ya fi kusa da tsarin Diablo II. Saboda haka shuɗi a wani wasa ƙaramin abu ne, a wani kuma babba.

Launi yana nuna yadda aka haɗa kaya da kuma wuyar samunsa. Ba ya tabbatar da amfaninsa. Akwai kayan zinariya da ƙwararru ba sa ko sunkuyawa su ɗauka, akwai kuma zoben ruwan ɗorawa da siffofinsa shida suka dace har ya fi kowane zobe mai suna.

Ƙuri'a ta farko: a ba da ko a hana

Kowane dodo yana da jadawalin ganimarsa, wanda fayilolin wasan ke kira Treasure Class. Jadawalin yana faɗin sau nawa za a jefa ƙuri'a idan dodon ya mutu, da kuma abubuwan da ƙuri'ar za ta iya faɗawa a kai. Kowane abu yana da nauyinsa, wato adadin rabonsa a cikin jimla.

A matakin wahala na ƙarshe, wanda ake kira Hell, Mephisto yana jefa ƙuri'a sau bakwai, kodayake abin da zai zube ba ya wuce guda shida. A kowace jifa akwai rabo 80. Kayan yaƙi suna da 52, kuɗi 5, tarkace irin su magunguna 5, sai kayan alatu kamar zobba da duwatsu masu daraja 3. Ragowar 15 na wani gurbi ne mai suna NoDrop, wanda idan ƙuri'a ta faɗa masa ba a samun komai. Ke nan kusan kashi 19 cikin 100 na jifan Mephisto a banza suke tafiya.

Ƙaramin dodo na kan hanya ya fi shi rowa nesa ba kusa ba. Jifa ɗaya kawai yake yi, kuma a cikin rabo 160, guda 100 na NoDrop ne. Shi ya sa mutum zai share fili guda na ƙananan dodanni ya tarar yawancinsu ba su bar ko sisi ba.

Yawan 'yan wasa yana taɓa wannan gurbi. Idan mutane sun yi yawa a zagaye guda, dodanni suna ƙara ƙarfi, rabon NoDrop kuma yana raguwa. Mai wasa shi kaɗai ba tare da intanet ba yana iya kwaikwayon haka ta hanyar rubuta umarnin `/players 3`. Da zarar ya yi, jifan banza na ƙaramin dodo yana sauka daga kashi 62 da rabi zuwa kusan kashi 39, na Mephisto kuma daga kashi 19 zuwa kusan kashi 3. A nan akwai darasi ga mai farautar Mephisto: tunda gurbin ya kusa ƙarewa a mataki na uku, ɗaga lambar zuwa bakwai ko takwas ƙara wa dodon rai kawai zai yi, ganimar da za ta ƙaru ba ta taka kara ta karya ba.

Ƙuri'a ta biyu: wane irin kaya

A ce ƙuri'a ta faɗa kan kayan yaƙi. Har yanzu ba a zo maganar launi ba. Wannan gurbi yana buɗe wani jadawali, shi ma ya buɗe wani: makami ne ko abin kariya, sannan daga wane aji. An kasa kayan kariya aji-aji gwargwadon matakinsu, uku-uku, daga armo3 da armo6 har zuwa armo87. Ƙuri'a tana farawa daga ajin da ya fi girma a cikin waɗanda dodon ya isa ya bayar. Idan ba ta tsaya a nan ba sai ta gangara zuwa na ƙasa da shi, haka har ta tsaya. A cikin ajin da ta tsaya ake zaɓar kaya guda.

Harlequin Crest ba ta cikin kowane aji da sunanta. Abin da ke ciki shi ne gangar jikinta, wata hula mai suna Shako, mai mataki 58, wadda ke zaune a armo60 tare da wasu kayan. Sai ƙuri'a ta fitar da Shako tukuna ake tambayar ko wannan Shako fara ce, ko shuɗiya, ko ta zinariya.

Wannan mataki ne ke yanke abin da dodo ba zai taɓa bayarwa ba. Jadawalin Mephisto yana tsayawa ne a aji na 78. Sulken nan Tyrael's Might, wanda ake lissafa shi cikin kayan da suka fi wuyar samu a wasan gaba ɗaya, gangar jikinsa tana aji na 87. Ko mutum ya kashe Mephisto sau miliyan ba zai gan shi ba, kamar dai mai su a kududdufi da ke jiran giwan ruwa. Masu neman irin waɗannan kaya sukan koma wuraren da dodanninsu suka kai mataki 85, kamar The Pit da Ancient Tunnels da Chaos Sanctuary, inda jadawalin ke iya kaiwa aji na ƙarshe.

Ƙuri'a ta uku: launi

Da an san gangar jikin kaya, sai kwamfuta ta fara gwada launi daga sama. Tana fara tambayar ko na zinariya ne. In ba a dace ba ta gwada kore, sannan ruwan ɗorawa, sannan shuɗi, har ta sauko kan fari. Inda aka fara dacewa, nan ake tsayawa.

Lissafin zinariya yana farawa da lamba 400, ma'ana dama ɗaya cikin 400. Daga nan ake cire tazarar da ke tsakanin matakin dodo da matakin kayan. Mephisto na Hell mataki 87 yake, Shako kuwa 58, tazara 29 ke nan, don haka saura 371. Da ƙaramin dodo ne, a nan lissafin zai tsaya: cikin Shako wajen 370 da zai yar, ɗaya ce za ta zama Harlequin Crest.

Manyan dodannin da ke rufe kowane babi suna da wani rangwame a jadawalinsu. Na Mephisto shi ne 983 cikin 1024, wato ana zubar da wannan kaso na lambar, a bar 41 cikin 1024. Idan aka yi wa 371 haka, abin da ke saura bai kai 15 ba. Shako ɗaya cikin 15 da Mephisto ya yar za ta fito da sunan zinariya. Ya ninka ƙaramin dodo kusan sau 25 a wannan mataki kaɗai, ga kuma jifa bakwai maimakon ɗaya. Wannan lissafi ne ya mayar da shi wurin zuwan kowa.

Idan gangar jiki ɗaya tana da kayan zinariya fiye da ɗaya, akwai ƙarin ƙuri'a. Zobe ya fi nuna haka. A Lord of Destruction, ƙarin wasan da ya fito a 2001, zobban zinariya tara ne, kowanne da nauyinsa. Nagelring da Manald Heal suna da 15 kowanne, shahararren Stone of Jordan kuwa yana da 1 tak, kuma jimlar duka taran 59 ce. Amma ba a sa zobe cikin ƙuri'a sai matakin dodo ya kai nasa. Andariel ta matakin Nightmare tana mataki 49, wanda ya isa Stone of Jordan amma bai isa sauran zobba shida ba. A wajenta zobba uku ne kawai ke takara, jimlarsu 31. Saboda haka zoben zinariya ɗaya cikin 31 daga hannunta Stone of Jordan ne, alhali a wajen dodannin da matakinsu ya isa duka zobba taran ɗaya ne cikin 59. Mai neman wannan zobe yakan bar Hell da gangan ya koma baya.

Wani lokaci kuma ƙuri'ar zinariya tana cin nasara amma babu kayan da za a bayar. Pindleskin, wani dodo da ake yawan farauta saboda yana kusa da gari, mataki 86 yake, ɗamarar Arachnid Mesh kuwa tana buƙatar 87. Idan ya yar da gangar jikinta kuma ƙuri'a ta ce zinariya, wasan yana mayar da ita ruwan ɗorawa, ya ninka ƙarkonta sau uku. Haka ma idan kayan zinariya ya riga ya faɗo sau ɗaya a wannan zagaye, na biyunsa ruwan ɗorawa zai zama. Kore da ya gaza yakan zama shuɗi mai ƙarko ninki biyu. Ƙwararren ɗan wasa da ya ɗauki ɗamara ya ga lambar ƙarkonta ta wuce ƙa'ida ya san abin da ya kuɓuce masa, ya kuma san cewa ba a wurin da ya dace yake farauta ba.

Kayan ƙara sa'a da iyakarsu

Ɗan wasa yana da hannu a ƙuri'a ta uku. Wasu kaya suna ɗauke da siffar da ake kira Magic Find, wadda ke ƙara damar samun launi mai daraja. Sabon shiga yakan ɗauka cewa idan ya tara kashi 500 zai ninka sa'arsa sau shida. Masu tsara wasan sun toshe wannan hanya da ƙa'ida guda:

```
E = MF * 250 / (MF + 250)
```

MF shi ne abin da jarumi ya tara, E kuma shi ne abin da ke aiki a kan kayan zinariya. Mai 100 yana cin moriyar 71. Mai 300 yana cin 136. Mai 500 yana cin 166, kuma ko wani ya tara 1000, abin da zai yi masa aiki 200 ne. Ga kayan kore ana sa 500 a wurin 250, ga ruwan ɗorawa 600, shuɗi kuwa ba a rage masa komai.

A koma kan Shako. Jarumi mai 300 yana ninka damarsa sau 2.36, don haka ɗaya cikin 15 ta koma kusan ɗaya cikin 6. Riba ce babba. Idan ya ƙara 200 a kai, ninkin zai tashi daga 2.36 zuwa 2.66 ne kacal, ƙarin da bai kai kashi 13 cikin 100 ba. Kuma wannan 200 ba kyauta take zuwa ba, sai ya cire safar hannu ko takalmi ko laya masu ƙara ƙarfi ya sa masu ƙara sa'a. In zagayen da yake yi a minti ɗaya ya koma minti ɗaya da rabi, a awa guda zai kashe Mephisto sau 40 maimakon 60. Da an haɗa lissafin, ya yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake samu. Alamar wanda ya wuce gona da iri a bayyane take: jarumi ya yi ado, amma dodo yana daɗewa bai faɗi ba, shi kuma yana yawan mutuwa.

Magic Find ba ya taɓa ƙuri'a ta farko da ta biyu. Ba ya ƙara yawan kayan da ke zubowa, ba ya sa Shako ta fi fitowa. Ba ya kuma shafar duwatsun Rune guda 33, daga El zuwa Zod, domin su ba su da matakan launi. Har ma yana iya zama cikas. Ana jera waɗannan duwatsu a cikin ramukan kaya don haɗa abin da ake kira Runeword, kamar Spirit da ke buƙatar Tal, Thul, Ort da Amn a jere, kuma wannan haɗi ba ya kamawa sai a kayan da ba shi da sihiri. Garkuwar Monarch mai rami huɗu marar launi ta fi shuɗiyarta daraja a wajen mai son Spirit. Jarumin da ya cika jikinsa da kayan sa'a yana mayar da irin wannan garkuwa shuɗiya tun kafin ta taɓa ƙasa.

Abin da ɗaya cikin dubu ke nufi

Damar samun kaya ita ce damar kowane mataki a ninka da ta na gaba. Domin sauƙin lissafi, a ƙaddara cewa Mephisto yana yar da Shako sau ɗaya a kisa 100. Ga jarumi marar kayan sa'a, Harlequin Crest za ta zama ɗaya cikin kisa 1,500. Ga mai 300, ɗaya cikin 630 ko kusa da haka. Babu matakin da ya yi tsanani shi kaɗai, haɗuwarsu ce ke sa abu ya yi wuya.

Mutane sun fi ruɗewa a kan ma'anar irin wannan lamba. A ɗauki kayan da damarsa ɗaya ce cikin 1,000. Ba alkawari ba ne cewa zai fito kafin kisa na dubu. Wasan ba ya riƙe lissafin baya, kisa na 999 daidai yake da na farko. In mutum 100 suka fara farauta tare, kusan rabinsu za su samu kafin kisa na 700. Bayan kisa 1,000, wajen 63 sun samu, 37 suna nan hannu rabbana. Bayan kisa 3,000, har yanzu akwai mutum biyar da ba su ga komai ba, ga kuma wani da ya samu tun a kisa na goma yana ba su shawara. Daga nan ake samun camfe-camfe irin na cewa wani jarumi ba shi da sa'a, ko kuma kaya sun fi faɗowa da daddare. Cikin dubban 'yan wasa dole a sami masu dogon rashi, kuma su ne muryarsu ta fi fitowa.

Ko bayan kaya ya faɗo, akwai sauran ƙuri'a a kan lambobinsa. Kariyar Harlequin Crest tana kamawa daga 98 zuwa 141. Kambun Griffon's Eye yana rage juriyar abokan gaba ga tsawa da kashi 15 zuwa 20, yana ƙara ƙarfin dabarun tsawa da kashi 10 zuwa 15. Wanda ya sami mai 15 da 10 ya samu, amma a musayar kaya tsakanin 'yan wasa, mai 20 da 15 ya fi shi tsada ninki-ba-ninki.

Lokacin da kasuwa ta shiga tsakani

Waɗannan lambobi zaɓi ne na masu tsara wasa, kuma Diablo III ya nuna abin da ke faruwa idan zaɓin ya karkace. Wasan ya fito a watan Mayun 2012 da gidan gwanjo a cikinsa, inda ake sayen kaya da kuɗin wasa ko da kuɗi na gaske. Kaya masu kyau suna wuyar faɗowa, kuma yawancin waɗanda suka faɗo ba su dace da jarumin da ya same su ba. Mayaƙi mai gatari zai tsinci makami ɗauke da siffar da matsafi ne kawai ke amfana da ita. Hanya mafi sauri ta ƙarfafa jarumi ta koma tara kuɗi a je gwanjo, kashe dodo ya zama aikin neman kuɗin cefane.

Blizzard ya rufe gidan gwanjon ranar 18 ga Maris, 2014, mako guda kafin fitowar ƙarin wasan mai suna Reaper of Souls. Tare da haka aka kawo sabon tsari mai suna Loot 2.0. Kayan da ke zubowa suka ragu a yawa, suka ƙaru a inganci, galibinsu kuma suna fitowa da siffofin da suka dace da jarumin da ake wasa da shi. Manyan kaya aka ɗaure su ga mai su, ba a sayar da su, sai dai a ba wanda aka yi yaƙin tare da shi cikin ɗan ƙayyadadden lokaci. A watan Mayun shekarar kamfanin ya ninka damar faɗowar manyan kaya don bikin cikar wasan shekara biyu, kuma da ya ga yadda mutane suka karɓe shi sai ya bar ninkin ya zauna.

Wannan gyara ya zo da tasa matsalar. Idan babban kaya yana faɗowa kowane 'yan mintuna, launinsa ya daina sa gaba ta faɗi. Don haka aka ƙara bene a samansa, aka kawo Ancient, daga baya kuma Primal Ancient, waɗanda kayan da aka sani ne amma da lambobi mafi girma da kuma wuyar samu. Wuyar da aka rage a wani wuri aka mayar da ita wani wurin.

Wasu wasannin sun bi wata hanya ta rage dogon rashi, inda kwamfuta ke ƙirga yawan gwajin da mutum ya yi bai dace ba. A Genshin Impact na 2020, damar samun jarumi mai tauraro biyar kashi 0.6 cikin 100 ce a kowane gwaji, amma ana tabbatar da shi zuwa gwaji na 90. Bambancin shi ne a can ana iya sayen gwajin da kuɗi, kuma da kuɗi ya shiga ƙuri'a, hukuma takan shigo. Ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni bayyana damar samun kaya a irin waɗannan akwatuna a 2017, Beljiyam ta ɗauki na kuɗi a matsayin caca a 2018, kuma Diablo Immortal, wanda aka yi domin wayar hannu, bai fita a Beljiyam da Holan ba lokacin da aka sake shi a 2022.

Shi kuwa Diablo II, da aka sabunta shi a watan Satumban 2021 da sunan Diablo II: Resurrected, an sauya masa hoto da sauti, aka bar tsarin ganimarsa a kan tsohon gininsa. Akwai 'yan wasa da ke bin wani buri da suke kira Holy Grail, wato su tsinci kowane kaya na zinariya da na kore da hannunsu ba tare da musaya ba. Farkon jerin yakan cika da sauri a wajen Andariel da Mephisto. Idan ya rage kaya kaɗan, galibi 'yan aji na 87 ne, sai farautar ta koma The Pit da Chaos Sanctuary da fadar Baal, kuma Tyrael's Might yana cikin waɗanda suka fi zama na ƙarshe a jerin.